Yadda ake ware tsayayyen kuɗi da mai canzawa daga cikin bil ɗin wutar lantarki na wata-wata

Duk wanda ya taɓa riƙe lissafin masana'anta ya san wannan abu: watan da aka yi aiki kaɗan, kuɗin wuta yana raguwa, amma ba ya raguwa yadda aikin ya ragu. A rage aiki da rabi, bil ya zo da fiye da rabin abin da aka saba biya. Dalilin shi ne kuɗin wuta abu biyu ne aka cuɗa a takarda ɗaya. Akwai wanda za a biya ko da inji bai fitar da komai ba, akwai kuma wanda yake bin yawan kayan da aka yi. Aikinmu a nan shi ne mu raba su, da jadawalin 'yan watanni kawai da na'urar lissafi.

Bari mu fara da sunayen, domin kada su rikice mana a gaba. Tsayayyen kuɗi shi ne wanda jimillarsa ba ta motsawa ko kaya sun ƙaru ko sun ragu, kamar kuɗin hayar gini. Kuɗi mai canzawa shi ne wanda jimillarsa take hawa da sauka daidai da yawan kaya, kamar kuɗin ɗanyen kayan da ake sarrafawa: kaya suka ninka, shi ma ya ninka. Gaurayayyen kuɗi kuwa yana ɗauke da duka biyun, kuma wutar lantarki na cikin fitattun misalansa.

Ga jadawalin da za mu yi aiki da shi. Ka ɗauka wata masana'anta ce da take yin bokitan roba iri ɗaya, na ƙirƙire ta ne don misali, kuma ban sa sunan kuɗin kowace ƙasa ba saboda lissafin bai damu da shi ba.

| Wata | Bokitan da aka yi | Kuɗin wuta |
|---|---|---|
| Janairu | 4,000 | 61,500 |
| Fabrairu | 5,000 | 69,000 |
| Maris | 6,500 | 82,500 |
| Afrilu | 7,000 | 85,000 |
| Mayu | 8,000 | 94,500 |
| Yuni | 9,000 | 102,000 |
| Yuli | 6,000 | 104,000 |
| Agusta | 7,500 | 91,000 |
| Satumba | 5,500 | 73,500 |

Mataki na farko: tabbatar da wane irin kuɗi ne a gabanka

Kafin ka raba komai, ka yi wa kuɗin tambayoyi biyu. Ta farko: jimillar tana nan daram kowane wata? A jadawalinmu ta tashi daga 61,500 ta kai sama da 100,000, don haka ba tsayayyen kuɗi ba ne zalla. Ta biyu: idan aka raba kuɗin kowane wata da yawan kayan watan, amsar tana fitowa iri ɗaya? A Janairu, 61,500 a raba gida 4,000 ya ba da kusan 15.4 a kan kowane bokiti. A Yuni, 102,000 a raba gida 9,000 ya ba da kusan 11.3. Da kuɗin mai canzawa ne zalla, da waɗannan amsoshi biyu sun zo ɗaya. Tunda jimilla tana hawa, kuɗin guda ɗaya kuma yana sauka yayin da kaya suke ƙaruwa, to gaurayayye ne. Saukar da kuɗin guda ɗaya yake yi ita ce sawun tsayayyen ɓangaren: nauyi ɗaya ne, a Janairu bokiti 4,000 suka ɗauke shi, a Yuni bokiti 9,000 suka raba shi a tsakaninsu.

Wannan gwaji yana aiki a kan kowane irin kuɗi da ke cikin littafinka, na ruwa ne ko na gyaran inji ko na sufuri, kuma bai fi minti biyu ba.

Mataki na biyu: zana ɗigogi kafin ka taɓa lissafi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi ceton mutum. Ka ja layi a kwance na yawan kaya, ka ja wani a tsaye na kuɗin wuta, ka ɗiga kowane wata a inda lambobinsa biyu suka haɗu. Takarda mai gida-gida ta isa. A Excel kuwa, ka zaɓi jerin kaya da na kuɗi, ka shiga Insert ka zaɓi Scatter.

Idan ka yi haka da jadawalinmu, za ka ga ɗigogi takwas sun jeru kusan a kan layi ɗaya mai hawa daga hagu zuwa dama. Na tara, wato Yuli, ya yi tsalle can sama shi kaɗai. An yi bokiti 6,000, ƙasa da na Maris, amma bil ɗin ya fi na Yuni da aka yi 9,000. Ido yana kama wannan nan take a zane, alhali a cikin jadawali mutum yana iya wuce shi bai lura ba.

Idan ka ga irin wannan ɗigo, kada ka goge shi don kawai ya ɓata maka layi. Ka ɗauko takardar bil ɗin watan ka karanta ta layi-layi. Abubuwan da aka fi samu su ne: an haɗa da bashin baya, ko an yi watanni ana ƙiyasta mita sai a wannan wata aka karanta ta aka cike giɓin, ko an sa tara, ko kwanakin bil ɗin sun fi na sauran watanni yawa, ko wani inji ya samu matsala yana ta shan wuta ba ya fitar da kaya. A misalinmu, bari mu ce an duba an tarar bashin shekarar da ta wuce aka lafta a kan bil ɗin Yuli. Wannan ba shi da alaƙa da bokitan Yuli. Idan takardar ta nuna adadin bashin, ka cire shi ka bar watan a cikin lissafi, wannan ya fi. Idan ba ta nuna ba, ka fitar da watan gaba ɗaya, ka rubuta dalili a gefen jadawalin domin wanda zai duba aikinka. Mu a nan za mu fitar da shi.

Amma da a ce binciken ya nuna duk lokacin zafi haka bil yake tashi saboda na'urorin sanyaya wuri, da ba za a cire watan ba. Wannan halin kuɗin ne na gaskiya, kuma za mu dawo kansa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a duba tun a nan: ranakun bil da ranakun ƙidayar kaya su zama ɗaya. Idan ana karanta mita ranar 15 ga wata, kai kuma kana ƙidayar kaya daga 1 zuwa 30, to kana haɗa wutar wasu kwanaki ne da kayan wasu kwanaki dabam. Sai ka sake tara adadin kaya daga 15 zuwa 15. Haka kuma, watan da aka sha wutar ake bi, ba watan da aka biya kuɗin ba.

Mataki na uku: hanyar sama da ƙasa

Wannan ita ce hanya mafi sauri, watanni biyu kawai take buƙata: watan da aka fi yin kaya da watan da aka fi ƙarancinsu. A wurinmu Yuni ne mai 9,000 da Janairu mai 4,000.

Hikimar ita ce tsayayyen kuɗi yana cikin bil ɗin watannin biyu daidai wa daida. Idan ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, ya tafi, abin da ya rage kuma ƙarin kaya ne kaɗai ya jawo shi. Bambancin kuɗi: 102,000 a ɗebe 61,500, saura 40,500. Bambancin kaya: 9,000 a ɗebe 4,000, saura 5,000. Ke nan ƙarin bokiti 5,000 ya jawo ƙarin kuɗi 40,500, kowane bokiti ɗaya ya ci 8.1. Wannan shi ne kuɗi mai canzawa na guda ɗaya.

Yanzu ka koma kan ɗaya daga cikin watannin. A Yuni, bokiti 9,000 sau 8.1 ya ba da 72,900. Ka ɗebe shi daga 102,000, saura 29,100, shi ne tsayayyen kuɗi. Ka gwada da Janairu don tabbatarwa: 4,000 sau 8.1 shi ne 32,400, a ɗebe daga 61,500, saura 29,100. Idan watannin biyu ba su ba ka amsa ɗaya ba, kuskuren lissafi ne, ka sake. Sai dai ka sani dacewar tasu ba ta tabbatar da ingancin layin ba, domin da su aka gina shi, dole su dace.

Ga abin da muka samu a taƙaice, inda x yake yawan bokitai, y kuma kuɗin wuta:

```
y = 29100 + 8.1x
```

A nan ne nake so in ɗan tsaya, domin kuskuren da ya fi yawa a wannan hanya a zaɓen watanni yake. Mutum ya kalli jerin kuɗi, ya ga 104,000 ce lamba mafi girma, ya ɗauki Yuli a matsayin sama. Duba abin da zai biyo baya. Bambancin kuɗi tsakanin Yuli da Janairu 42,500 ne, bambancin kaya 2,000. Kowane bokiti ya zama 21.25. Sau 4,000 na Janairu, 85,000 ke nan, alhali duk bil ɗin Janairu 61,500 ne. Tsayayyen kuɗin ya fito ƙasa da sifili da 23,500, kamar a ce kamfanin wuta ne zai riƙa biyan masana'antar idan ta daina aiki. Sama da ƙasa a jerin kaya ake duba su, kuɗi biyo su yake yi. Kuma duk ranar da tsayayyen kuɗi ya fito maka ƙasa da sifili, ka koma baya: ko ka zaɓi watan da bai dace ba, ko akwai baƙon abu a cikin wani bil, ko farashin wuta ya canza a tsakani.

Gwaji na ainihi shi ne a ɗora layin a kan watannin da ba a yi amfani da su ba. Satumba: 5,500 sau 8.1, a haɗa da 29,100, ya ba da 73,650, bil ɗin gaskiya 73,500. Afrilu: layi ya ce 85,800, bil ya ce 85,000. Agusta: layi ya ce 89,850, bil ya ce 91,000, tazarar 1,150, wato kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari. Wannan layi ne mai kyau. Ga Yuli kuwa, layi ya ce 77,700, an biya 104,000, don haka bashin da aka lafta ya kai kusan 26,300, lambar da za a iya kwatantawa da abin da kamfanin wuta ya ce ana bin masana'antar.

Mataki na huɗu: layin da ya saurari dukkan watanni

Raunin hanyar sama da ƙasa a bayyane yake. Ta jingina da watanni biyu ta yi watsi da sauran, kuma watannin gefe su ne aka fi samun abin da ba a saba ba a cikinsu: watan ƙarancin aiki sau da yawa hutu ne ko gyaran inji, watan yawan aiki kuma akwai aikin dare. Idan ɗayansu ya karkace, layin duka ya karkace.

Hanyar da ta fi ƙarfi tana neman layin da ya fi kusa da dukkan ɗigogi a lokaci ɗaya. Ana auna tazarar kowane ɗigo daga layi, a ninka tazarar da kanta, a tara, sai a zaɓi layin da wannan jimilla ta fi ƙanƙanta a kansa. Tsohuwar hanya ce, masanin lissafi Adrien-Marie Legendre ya buga ta tun 1805. Yau ba sai an yi da hannu ba. Ka cire Yuli, ka sa kaya a B2 zuwa B9, kuɗi a C2 zuwa C9, ka rubuta waɗannan a Excel ko Google Sheets:

```
=SLOPE(C2:C9,B2:B9)
=INTERCEPT(C2:C9,B2:B9)
=RSQ(C2:C9,B2:B9)
```

Ka lura jerin kuɗi ne yake fara zuwa, sannan na kaya. Idan ka juya su, manhajar ba za ta yi ƙorafi ba, za ta ba ka lambobin da ba su amsa tambayarka ba. SLOPE zai ba ka kusan 8.24, kuɗi mai canzawa na bokiti ɗaya. INTERCEPT zai ba ka kusan 28,317, tsayayyen kuɗi. RSQ zai ba ka kusan 0.998, ma'ana kusan duk hawa da saukar bil ɗin yawan kaya ne ya bayyana su. Lambar RSQ tana tsakanin sifili da ɗaya, kuma kusantarta da ɗaya shi ne alamar ɗigogin sun manne wa layi.

Amsoshin hanyoyin biyu sun yi kusa, 8.1 da 8.24, 29,100 da 28,317, kuma hakan yana kwantar da hankali. Da sun yi nisa da juna, ta biyun zan bi, sannan in koma in binciki Janairu da Yuni.

Kada ka ɗauka manhaja za ta kare ka daga wata irin Yuli. Ka maido shi cikin jadawalin ka ga: kuɗin bokiti ɗaya ya sauka zuwa 7.56, tsayayyen kuɗi ya haura 35,600, RSQ ya faɗo zuwa kusan 0.65. Wata ɗaya tak ya ƙara sama da 7,000 a kan tsayayyen kuɗin da za a riƙa sawa a kasafi kowane wata. Shi ya sa zane yake zuwa kafin lissafi.

Abin da lambobin suke nufi a cikin masana'anta

A wurare da yawa bil yana ɗauke da wani kuɗi da ake caja kowane wata ko an sha wuta ko ba a sha ba. Ka ce na masana'antarmu 6,000 ne. Mai lissafi zai iya tambaya: ta yaya tsayayyen kuɗi ya zama 28,000 da ɗoriya alhali takarda ta ce 6,000? Amsar ita ce waɗannan abubuwa biyu ne dabam. Kamfanin wuta yana kallon wutar da aka sha, mu kuma muna kallon kayan da aka yi. Fitilun cikin gini, fitilun tsaro na dare, kwamfutocin ofis, na'urorin sanyaya wuri, injin matsa iska da yake kunne tun safe, wutar da ake ɗumama injin narka roba da ita kafin bokitin farko ya fito, duk waɗannan mita tana ƙirga su, amma ba sa ƙaruwa don an ƙara bokiti. Su ne suka cike sauran 22,000 da 'yan kai. Wanda yake neman inda zai rage kuɗin wuta, nan ya kamata ya fara leƙawa.

Shi ma kuɗi mai canzawa ana iya tabbatar da shi ta wata ƙofa. Ka tambayi mai kula da injuna wuta nawa injin yake sha a awa ɗaya, bokiti nawa kuma yake fitarwa. Idan bokiti ɗaya yana cin 0.4 kWh, wato ma'aunin wutar da mita take ƙirgawa, kowane kWh kuma ana sayar da shi 20, to 8 ke nan, ya yi kusa da 8.24. Idan injiniya ya ce 3 kai kuma lissafinka ya ce 8, akwai wani abu da yake tashi tare da kaya wanda ba ku san da shi ba, ko kuma watannin yawan aikinku sun faɗo daidai lokacin zafi, sai wutar sanyaya wuri ta ɓuya a cikin kuɗin bokiti.

Yanzu a yi amfani da layin. Idan an shirya yin bokiti 8,500 a Oktoba, hanyar sama da ƙasa ta ce a tanadi 97,950, hanya ta biyu ta ce kusan 98,300. Kwatanta wannan da abin da mutane da yawa suke yi, wato su tara kuɗin watanni takwas, 659,000, su raba da bokiti 52,500, su ce kowane bokiti yana cin wutar 12.55. Da wannan lamba, Oktoba zai fito kusan 106,700, an yi sama da fiye da 8,000. A wata irin Janairu kuma za ta ce 50,200, alhali 61,500 aka biya. Tana yin yawa a watan aiki, tana gazawa a watan da ciniki ya ja baya, wato lokacin da aljihu ya fi kasa jure kuskure. Haka nan idan wani ya kawo odar ƙarin bokiti 1,000 yana neman ragi, wutar da odar za ta ƙara kusan 8,240 ce, domin tsayayyen kuɗin za a biya shi ko an karɓi odar ko ba a karɓa ba.

Inda layin yake daina aiki

Duk abin da muka gani tsakanin bokiti 4,000 da 9,000 yake. Layin bai san komai a wajen nan ba. Idan aka ce za a yi 14,000, wataƙila sai an buɗe aikin dare ko an sayo inji na biyu, fitilu da na'urorin sanyi su kwana a kunne, tsayayyen kuɗin ya taka matakala zuwa wani sabon matsayi. A inda ake cajin manyan masu amfani da wuta bisa ƙololuwar ƙarfin da suka ja a cikin wata, wannan ma yana iya tsalle ranar da aka kunna injuna biyu tare. Ta ɗaya gefen, kada ka ɗauki 28,317 a matsayin bil ɗin watan da aka rufe masana'anta. Idan an rufe, ana kashe fitilu da injin iska, bil zai yi ƙasa da haka sosai. Lambar tana nufin nauyin da ba ya motsi ne muddin ana aiki a cikin wancan tsakanin.

Canjin farashin wuta shi ne babban mai ɓata irin wannan jadawali. Idan aka ƙara farashi a tsakiyar shekara, ɗigogi za su rabu gida biyu a zane, tsofaffin watanni a layin ƙasa, sababbi a layin sama, kuma layin da aka ja a tsakiyarsu bai dace da ko ɗaya ba. Maganin mai sauƙi ne: ka ajiye jerin kuɗi, ka ɗauki jerin kWh da ke kan kowane bil, ka maimaita matakan nan da shi. Za ka samu tsayayyen kWh na wata da kWh na bokiti ɗaya, sai ka ninka su da farashin yau, ka ƙara kuɗin da ake caja kowane wata. Ni dai ko farashi bai canza ba, na fi son aiki da kWh idan yana kan takarda, domin bashi da tara ba sa shiga cikinsa. Haka kuma idan farashin kWh yana canzawa bayan an wuce wani adadi, ɗigogin za su lanƙwasa, sai a yi layi biyu, ɗaya kafin iyakar, ɗaya bayanta.

Idan yanayi yana taɓa bil ɗinku sosai, ka raba watannin zafi da na sanyi, kowanne da layinsa, amma hakan yana buƙatar bil na shekara biyu ko fiye don kowane rukuni ya samu ɗigogi masu yawa. Idan kuma masana'antar tana yin kaya iri-iri, ƙaramin kofi da babban baho, haɗa su a ƙirga guda-guda zai wargaza ɗigogin, domin wutar da baho ɗaya yake ci ta ninka ta kofi sau da yawa. A nan sai a sauya ma'auni: a sa awannin da injuna suka yi suna aiki, ko nauyin robar da aka narka, a gurbin yawan kaya. Ka gwada kowanne a jerin B, ka duba zane da RSQ, ka riƙe wanda ɗigoginsa suka fi jeruwa kuma mai kula da injuna ya yarda cewa shi ne yake jan wutar.